Bayanan aikin gajeren labari: ayar da Sale ya ji a motar Potiskum

Asabar, 4 ga Janairu

Yau na fara aikin da gaske. Labarin na wani dillalin shanu ne, na sa masa suna Sale, mai kimanin shekara hamsin. Ya shiga motar haya daga Kano zuwa Potiskum, a hanya ya ji ana karanta wata aya, abin da ya kama daga cikinta bai fi kalma biyu ko uku ba, amma ta ƙi barin kunnensa. Sauran labarin duk neman ayar ne.

Abin da na fara tsayarwa shi ne iyakar karatun Sale, domin komai a kansa zai rataya. Idan mahaddaci ne, babu labari, kafin a kai Wudil ya gane ayar. Idan kuma bai taɓa riƙe allo ba, kunnensa ba zai kama komai ba. Na ajiye shi a tsakiya: ya yi makarantar allo yana yaro, ya taso daga Sabbi har ya kai Ƙad Sami'a, izu shida ke nan, sai mahaifinsa ya cire shi ya kai shi kara. Yana iya bin baƙi a hankali, bai san fassara ba. Irinsa suna da yawa a kasuwanninmu, kuma ban cika ganinsu a labarai ba.

Ayar da nake tunani ita ce ta mutumin da ya zo daga ƙarshen gari yana gaggawa. Tana cikin Yasin, tana kuma cikin Ƙasas, da ɗan bambancin jerin kalmomi: a Ƙasas "rajulun" ta riga "min aƙsal madinati", a Yasin ta biyo baya. Sale zai riƙa rikita su.

Littafin rubutu da biro biyu, N900. Burina in gama kafin azumi, kada ya wuce kalma 3,000.

Talata, 7 ga Janairu

Ayar Yasin ba za ta yi ba. Na karanta wa wani abokina shafin farko, ban kai ƙasa ba ya ƙarasa mini ayar da ka, alhali shi ma ba mahaddaci ba ne. Yasin tana bakin mutane, ana karanta ta a wurin rasuwa, ana karanta ta da asuba. Duk fasinjan da Sale ya juya ya tambaya zai ba shi amsa kafin kwandasta ya gama karɓar kuɗi. Ana buƙatar aya daga tsakiyar Alƙur'ani, inda masu izu shida ba su kai ba, kuma wadda ƙarshenta yake maimaituwa a wurare da dama.

Akwai kuma maganar wanda ke karatun. Da na sa direba ne ya kunna ƙira'a, to ai Sale zai miƙa wuya ya ce, "Direba, wace sura ce wannan?" a wuce wurin. Dole mai karatun ya zama mutum, fasinja, wanda zai sauka ya ɓace. Tsoho nake gani, da gafaka a cinya, yana tilawa ƙasa-ƙasa don kansa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na sake shafin tasha: lodi, 'yan kamasho, buhunan da aka cusa ƙarƙashin kujera. Ba aya tukuna.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na yini a gidan wani malamin Islamiyya da ke da Mu'ujamul Mufaharas na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, littafin da ya jera kalmomin Alƙur'ani bisa tushensu, kowace da wuraren da ta zo. Muka riƙa duba ƙarshen ayoyi. "Gafurur Rahim" ta yi yawa ƙwarai, wanda ya riƙe ita kaɗai zai yi wata yana nema bai rage komai ba. Wasu kuma sau ɗaya suka zo, nan take za a gano su. Ina son adadin da mutum zai iya lissafawa da yatsunsa.

Muka faɗa kan "Ra'ufur Rahim". Sunan Ra'uf ya zo sau 11. Biyu daga ciki "Ra'ufun bil ibad" ne, a Baƙara da Ali Imrana. Saura tara, duka haɗe da Rahim: Baƙara 143, Tauba 117 da 128, Nahli 7 da 47, Hajji 65, Nur 20, Hadid 9, Hashri 10.

Tun ina zaune a wurin na ga matakan neman sun jeru da kansu. Biyu Sale zai cire ba tare da taimakon kowa ba. Ta Hashri tana cikin izunsa shida, ya rubuta ta a allo ya wanke. Ta Tauba 128 kuwa ita ce Laƙad ja'akum, wadda ko yara sun sani. Daga nan sai wani ya tambaye shi ko ya ji lamu kafin kalmar, wato "la Ra'ufur Rahim". Masu lamu biyar ne: ta Baƙara, biyu na Nahli, ta Hajji, ta Hadid. Idan ya tuna cewa akwai "kum" dab da ita, Baƙara da Hajji sun fita, domin su "bin nasi" ne. Saura uku. Ta Hadid "wa innallaha bikum" ce, na Nahli kuma "inna Rabbakum". Ranar da ya tabbatar "Rabbakum" ya ji, saura biyu, kuma duk a sura ɗaya.

Kowane mataki zai iya zama rana guda a labarin, da mutum guda da Sale zai tambaya. Abin da ya ƙara mini daɗi shi ne Hadid ita ce surar da ke saman Ƙad Sami'a. Da an bar Sale a makaranta ya ƙara ko 'yan watanni, ita zai shiga. Zan bar wannan a jimla ɗaya, ba zan ja shi ba.

Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, N1,200.

Laraba, 15 ga Janairu

Na zauna da ayoyin Nahli biyun da tafsiri, kuma ina jin a nan labarin yake.

Aya ta 7 tana cikin lissafin ni'imar dabbobi. Ayoyin da suka gabace ta suna maganar abin ɗumi da amfani da abinci da ake samu daga gare su, da kyan ganinsu lokacin da ake koro su da yamma da lokacin da ake sakin su kiwo. Sai ta ce suna ɗaukar muku kaya masu nauyi zuwa garin da ba za ku kai ba sai da wahalar rai, lalle Ubangijinku Mai tausayi ne, Mai jin ƙai.

Aya ta 47 ƙarshen gargaɗi ce. Daga ta 45 aka faro: shin masu ƙulla makirci sun amince ba za a kife ƙasa da su ba, ko azaba ta zo musu ta inda ba su zata ba? Ta 46 ta ce ko a kama su cikin kai-komonsu, kuma malaman tafsiri sun ambaci tafiye-tafiye da fatauci a nan. Ta 47 ta ce ko a kama su "ala takhawwufin", wanda aka fassara da kamu cikin fargaba, aka kuma fassara da tauyewa kaɗan-kaɗan. Sannan ta rufe da kalmomin da ta 7 ta rufe da su, sai dai an ƙara "fa" a gaba.

To ga dillalin shanu a kan hanya, ga ayoyi biyu duk sun taɓo matafiyi, ɗaya tana tuna masa ni'ima, ɗaya tana tsoratarwa, kuma bai san wadda ya ji ba. Don wannan ya yi masa nauyi, sai yana da abin da yake ɓoyewa. Na ba shi: watanni kaɗan da suka wuce wani Bafulatani da ya amince masa ya ba shi sa ya sayar masa, ya faɗa masa kuɗin da bai kai na gaskiya ba, ya riƙe rarar dubu sittin bayan la'adarsa. Tun daga nan jarinsa ke raguwa, ba asara babba ba, yau kaɗan gobe kaɗan. Sale bai taɓa haɗa abubuwan biyu a ransa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na bi hanyar da kaina zuwa Azare na dawo, domin in ji abin da kunne ke iya kamawa a cikin mota. Mun tashi bayan asuba, ga hazo, ga sanyi, duk gilasai a rufe, kowa ya ƙudundune. Na zauna layi na biyu daga baya.

Idan mota ta miƙe tana gudu, ba ka jin komai sai inji da taya. Mata biyu suna hira a bayana tun daga Wudil, bakinsu bai fi taku ɗaya daga kunnena ba, amma ban iya ware kalma ɗaya ba. Sai direba ya ɗaga ƙafa za a wuce shinge, ƙarar ta faɗi, maganarsu ta fito tar: ɗaya tana cewa an ɗaga bikin sai bayan salla. Ya taka mai, maganar ta sake nutsewa. Haka aka yi ta yi a Kiyawa da Jama'are, duk inda aka rage gudu sai muryoyi su taso na ɗan lokaci.

Wannan ya ba ni dalilin da Sale ya ji guntu kawai. Tsohon yana tilawarsa tun daga tasha, Sale yana gyangyaɗi, a wani shinge aka rage gudu, aya ɗaya ta fito, farkonta ya same shi cikin barci, ƙarshenta ya same shi a farke. A daftarin da nake da shi tsohon yana kujerar gaba. Zan dawo da shi bayan Sale kai tsaye, domin daga gaba murya ba ta dawowa.

Na kuma lura yadda ake sauka a hanya. Mutum ya ce "akwai", a tsaya, ya ja jakarsa, kafin ka juyo mota ta tashi. Tsohon zai sauka a Jama'are kafin gada. Sale ba zai tambaye shi ba saboda ba a katse mai karatu, kuma a lokacin bai san abin zai dame shi ba. Sai da dare a masaukin fatake kalmomin za su dawo masa.

Mota zuwa da dawowa N12,000, abinci N2,000. Wannan ne kashe kuɗi mafi girma a aikin.

Litinin, 20 zuwa Alhamis, 23 ga Janairu

Rubutu da daddare bayan isha'i. Rana ta farko da ta biyu a Potiskum sun kwanta: limamin masallacin kara, sai wani mai sayar da littattafai a bakin kasuwa. Daftari ya kai kalma 1,700.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ɗan yayana, ɗalibin sakandare, ya karanta ya ce, "Kawu, me ya hana shi dubawa a waya?" Ya ciro tasa, ya rubuta kalmomin biyu da Larabci, wuraren suka jeru a gabanmu kafin shayina ya huce.

Tambayar gaskiya ce, kuma duk mai karatu na yau zai yi ta. Hanya mafi sauƙi ita ce in mayar da labarin shekarun kaset. Ba na so. Hanyar da na bi makon jiya ta yau ce, kuma Sale mutumin yau ne, yana da ƙaramar waya ta kira da tocila. Ko bai iya dubawa ba, a kara akwai samari ɗari da za su duba masa.

Don haka wayar za ta shiga labarin. A rana ta biyu yaron fatoma zai duba masa, a ba shi taran gaba ɗaya. Wannan ya rage mini shafuka, bai kashe labarin ba, domin waya tana nuna inda kalma take, ba ta san wadda tsohon ya karanta a shingen ba. Amma akwai ramin da ban cike ba. Idan an rage saura biyu, yaron zai kunna masa ƙira'ar kowacce, Sale ya saurara ya ce wannan ce. Me zai hana hakan faruwa a rana ta uku da safe?

Alhamis, 30 ga Janairu

Na je wurin wani alaramma a bayan gari. Na zaɓi Alhamis saboda ba karatu, almajirai sun watse wanki. Na same shi a zaure yana gyara alƙaluma. Na kai goro da turare, N3,500.

Ban buɗe takardata ba na ce, "Allah gafarta Malam, Ra'ufur Rahim nawa ne?" Bai ɗaga kai daga alƙalamin ba ya ce, "Tara. Biyar da lamu, huɗu ba lamu." Ya jero su daga sama zuwa ƙasa, kowacce da 'yan kalmomin da suka gabace ta. Irin ƙididdigar da gwanaye ke kira harji ke nan, kuma abin da muka yini muna tattarawa daga littafi shi yana bakinsa. Bai ambaci lambar aya ko ɗaya ba. Da na ce Nahli 7, sai ya ce, "Ata amrullahi, izun Rubama." Ya ciro warƙar daga Alƙur'aninsa na hannu ya nuna mini: babu lamba, sai alamar aya, da kumsa bayan kowace biyar, da kuri bayan kowace goma. Aya ta biyu bayan kumsar farko, ga ta nan. Duk inda na sa wani malamin zaure a labarin yana faɗin lamba, zan cire. Lamba ta yaron waya ce. Ya kuma ja hankalina cewa lambobin ma ba ɗaya ba ne ko'ina: abin da bugun Hafsu ya kira Baƙara 143, a ƙirgar da bugun Warshu ke bi 142 ne. A Nahli dai ba saɓani, 128 ce a duka.

Sai na roƙe shi ya karanta mini ayoyin biyu. Ya gyara zama ya fara da ta 7, da Warshu, yadda tsohon cikin mota zai karanta. Da ya zo "asƙalakum ila baladin" bai tsaya kan mimun ba, ya ja ta, "asƙalakumuu", ja mai tsawo, sannan ya faɗa kan "ila". Na nemi ya maimaita. Ya ce ƙa'ida ce: a Warshu, mimun jam'i idan hamza ta biyo ta, ana sadar da ita da wawu a ja ta haraka shida. A Hafsu ba a yi, daurin mimun kawai ake yi a wuce. Haka kuma "bishiƙƙil anfus" a bakinsa ta fito "bishiƙƙi lanfus", an ɗauke wasalin hamza an ɗora wa lamu. A ta 47 kuwa babu irin wannan jan ko ɗaya, domin abin da ya biyo mimun a can ainu ne.

Ramin ya cike. Banda kalmomin ƙarshe, Sale yana riƙe da abu ɗaya da ba zai iya rubutawa ba: wani ja mai tsawo a tsakiyar ayar. Ƙira'ar da ke wayar yaron Hafsu ce, kamar mafi yawan abin da samari ke saukewa. Za a kunna masa ta 7, ya jira jan bai ji ba, ya ce ba ita ba ce. Ya ture ayar da yake nema da hannunsa. Tunda biyu suka rage, sai ya ɗauka ta 47 ce, ko da yake ita ma bai ji jan a cikinta ba, ya ce wa kansa wataƙila barci ne ya ƙara masa. Ya je a fassara masa ita, a faro masa daga masu ƙulla makirci.

Kafin in tashi na ba Alaramma labarin a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka rubuta, amma kada ka sa wa aya abin da ba ta ce ba. Kuma in ka gama ka kawo in ji yadda ka rubuta baƙin."

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na rushe rana ta uku na sake gina ta kan abin da na samo. Mai sayar da littattafai ya fita daga labarin, aikinsa ya koma hannun yaron fatoma. Na koma shafin mota na dasa jan a can, a jimla ɗaya, yadda mai karatu zai wuce shi bai lura ba sai daga baya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Rana ta huɗu: Sale ya kasa ciniki, an taya sa yana kallon ƙasa. Da yamma ya nemi wanda zai kai saƙo rugar Bafulatanin. Ba wuta tun jiya, da fitilar waya na rubuta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai wa Yaya daftarin. Tana koyarwa a Islamiyyar matan aure, kuma ba ta sassauta wa rubutuna. Ta karanta har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta koma rana ta huɗu ta ɗora yatsa.

Ta ce yadda na rubuta shi, Sale ya mayar da aya abin duba. Yana neman ya san wadda ya ji ne domin ya san hukuncin da aka yanke masa, in ta rahama ce ya tsira, in ta gargaɗi ce ya halaka. Ta ce mutum irin Sale zai iya yin wannan tunanin, ba ta musa ba, amma labarin bai nuna ko'ina cewa tunanin karkatacce ne ba, har ma kamar yana goyon bayansa. Ta ƙara da cewa surar Makka ce, kuma masu makircin da ake nufi tun farko su ne waɗanda suka ƙulla wa Annabi (SAW) da saƙonsa. Wanda ya fassara wa Sale, in malami ne na gaske, zai faɗi wannan.

Na ce, "Yaya, in na sa malami ya tsaya yana bayani, labarin ya koma wa'azi." Ta ce ba ta nemi shafi ba, jimla biyu sun isa, kuma ai tsoron da Sale ya ji ba daga malamin ya fito ba, daga dubu sittin ɗin ya fito.

A kan wannan na tsaya. Limamin kara zai fassara ayar daidai, ya faɗi waɗanda aka saukar da ita a kansu, ya ce duk mai ji yana da rabonsa na wa'aztuwa. Bai san komai game da san ba. Sale ne zai ɗauki maganar ya kai ta inda take masa ciwo. A wurin alaramman da Sale zai je wa a ƙarshen labarin kuma, idan Sale ya ce yana so ya san wadda aka nufe shi da ita, alaramman zai ce, "Alhaji, duka biyun ai kai ake karanta wa, da ni." Ba zai ƙara ba.

Inda ban bi ta ba shi ne aya ta 8. Ta so in kawo ta, wadda ta ambaci dawakai da alfadarai da jakuna, ta rufe da cewa Yana halittar abin da ba ku sani ba, tunda malamai da yawa na wannan zamani suna kawo motoci da jirage a ƙarƙashinta, ga shi kuma a mota aka ji ayar. Maganar tana da kyau, amma ta masu tafsiri ce. Idan ta shiga, hankalin mai karatu zai bar Sale ya koma kan mota.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Maganar rubuta baƙin da boko. Na rage shi iya abin da labarin ba zai tafi ba sai da shi: kalmomin ƙarshe, da "asƙalakumuu", da "fa". Cikakkun ayoyin ma'anarsu kawai za ta zo, a bakin masu fassarawa. Dalili biyu ne. Boko ba ya riƙe wasu haruffan Larabci, sa da sin da sadi duk "s" suke zama. Sannan takardar labari ba a san inda za ta ƙare ba, ana iya ƙunshe ƙosai da ita.

An buga mini a na'ura, shafi 11, an fitar da kwafi uku, N5,600. Mai bugun ya mayar da duk ƙ zuwa k, "asƙalakum" ta lalace, "ƙara" da "kara" suka zama abu ɗaya a labarin da rabinsa a kara yake. Na zauna kusa da shi muka bi layi-layi. Jimlar abin da aikin ya ci zuwa yau N25,200.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Rana ta biyar ta rubutu. Sale ya riga ya aika kuɗin tun daren jiya. A hanyar komawa ya sauka Jama'are ko zai ga tsohon, bai gan shi ba, aka nuna masa wata tsangaya. Alaramman can ya karanta masa ayoyin biyu da Warshu, jan ya fito, Sale ya gane ta kafin a kai ƙarshe.

Abin da ya rage shi ne sakin layi na ƙarshe, kuma ina da biyu. A ɗaya Sale ya nemi a fassara masa, ya ji maganar dabbobi da kaya da garin da ba a kai wa sai da wahala, labarin ya tsaya yana saurare. A ɗayan ya tambayi alaramman ko mai shekara hamsin zai iya ɗorawa daga Hadid, aka aiki almajiri ya ɗauko allo. Na biyun ya fi daɗin karantawa, amma ina tsoron ya yi saurin gyara Sale, mutumin da ko fuskar Bafulatanin bai koma ya kalla ba tukuna. Na fi karkata ga na farko, da ƙarin layi ɗaya da zai nuna saƙon ya isa ruga ko bai isa ba.

Daftarin yana kalma 3,400, sai an rage 400, yawanci daga shafin tasha da hirar masauki. Ranar Alhamis zan kai wa Alaramma kwafi in karanta masa wuraren baƙin da bakina, in kuma tambaye shi ko tsoho mai tilawa a mota zai tsaya a kan "lanfus" ko zai sadar. Kwafi na biyu na wani dillali ne a kasuwar Wudil da ya yarda ya duba mini maganganun ciniki ranar Juma'a.